Tambaya kan tsokokin fitar da numfashi

Jama'a, ku taimaka min, ina shirin jarrabawa kuma na maƙale wuri guda. Na gane cewa idan mutum yana hutawa, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana tsukewa ya sauka, tsokokin waje na tsakanin haƙarƙari su ɗaga haƙarƙarin, ƙirji ya buɗe, iskar da ta kai wajen rabin lita ta shiga. Wajen fitarwa kuma tsokokin saki suke yi, huhu ya koma da kansa.

To a numfashin ƙarfi, kamar bayan gudu, littafina ya ce tsokokin ciki na tsakanin haƙarƙari suna jawo haƙarƙari ƙasa. Nan na rikice. Duka biyun ai tsakanin haƙarƙari biyu suke, me ya sa ɗaya ke ɗagawa ɗaya ke saukarwa? Karkatar zarensu ce sanadi? Na zana har sau uku, bai fita ba.