"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba": ko a gaban jama'a?

Ɗiyar Mabera: Jama'a, a gurup ɗin danginmu na WhatsApp taubashina ya sa hotona na wurin biki, ya rubuta wai ga mai digiri biyu a zawarci. Aka yi ta dariya, ni kuwa ban yi barci ba. Yayata ta ce shiru ma magana ce, ƙawata ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanne zan bi ba tare da na tada ƙura gaban iyaye ba?

Ɗan Gawon Nama: Haba ƙanwata, taubashi ne fa. Wasan ɗan mace da ɗan namiji gado ne, kamar na Gobirawa da Yarbawa ko Fulani da Barebari, ba a fushi da shi. Rama abinki a nan inda ya yi, ki fi shi zafi, a yi dariya a wuce.

Gwaggo ta Runjin Sambo: Rabin maganarka gaskiya ce, ɗana. Gado ne. Amma wanda muka taras ana yi a kan rowa, ko yawan cin tuwo, ko kuɗin shara a watan cika-ciki. Ban taɓa ganin dattijon kirki ya tsokani taubashiyarsa da mutuwar aure ko rashin haihuwa ba. Kuma a tsakar gida ake yi, ido na ganin ido, in fuska ta canza sai a ja baki. A waya wa ke ganin fuskar wani? In ta rama a gurup, uwarsa za ta karanta, baban yarinyar zai karanta, kuma su biyun ciki ɗaya suka fito. Ka ga maganar ta tashi daga kan yara ta koma kansu.

Ɗiyata, ki duba karin maganar da kyau. Mutum ne tafe da kaya a kai, sun karkata bai sani ba, na bayansa ya ce masa gyara. Bai nemi komai a ciki ba, bai kuma tara kasuwa don a kalla ba. Ki bi shi shi kaɗai. Danna saƙon nan ki riƙe, ki zaɓi Reply privately, don maganarsa ta fito a saman taki, kada ya ce bai san wadda kike nufi ba. Ki yi sallama, ki ce: "Yaya, na san wasa kake yi, amma wannan ya taɓa ni, don ciwon bai warke ba. Don Allah ka goge." Iyakarta ke nan. Kada ki tono na bara, kada ki yi saƙon murya in kin san muryarki za ta yi rawa. Ki bari gari ya waye, amma kada ki wuce gobe, don Delete for everyone kwana biyu ne, daga nan ba ya yiwuwa.

Malamin Arkilla: Hajiya, a nan na ɗan saba da ke. Magana zarar bunu ce, gogewa ba ta mai da ita. Kowa ya gani, kuma wurin zai nuna an goge wani abu, sai a fara tambayar mi ya faru. Ni da abokin karatuna ya yi mini irin haka kan bashin da ya ci shagona, kiransa na yi. Ya yi shiru, sannan ya ce wallahi bai san abin ya kai haka ba. Bai goge ba, bai kuma sake ba, wannan ya ishe ni.

Mai Atamfa: Ni a ganina karin maganar na nufin kowa ya ji da kayansa. Ki fita gurup ɗin kawai, yanzu admin kaɗai ake sanar wa.

Malamin Arkilla: A'a, ba ta ce a rabu ba, cewa ta yi gyara ba neman rabo ba ne, wato ba laifi ba ne. Kuma a dangi, admin ɗin kawu ne ko yaya. Kafin la'asar an kira ta ana tambayar dalili.

Gwaggo ta Runjin Sambo: Malam, naka bashi ne, nata hoto ne. Muddin yana nan wani na iya tura shi gaba. Shi ya sa na ce a goge. Shirun yayarta ma ban yi watsi da shi ba, a gurup ake yinsa: kada ta sa dariyar dole, kada ta sa fushi. Wanda ke da hankali zai lura ba ta tanka ba. Amma shi taubashin, da bai lura tun farko ba, shiru zai ɗauka yarda ce.

Ɗiyar Mabera: To in ya ce ba ni da wasa, ko ya ɗauki hoton saƙona ya sa a gurup?

Gwaggo ta Runjin Sambo: Shi ya sa na ce ki rubuta abin da ko babanki ya karanta ba za ki ji kunya ba. In ya yi haka, ki kai wa gwaggonki da kanki, a ɗakinta.

Ɗan Gawon Nama: Har yanzu ina ganin kai ƙarar taubashi wurin uwarsa ya yi nauyi. Amma na janye batun ramawa, ban yi tunanin iyayen ba.

Ɗiyar Mabera: Na tura masa bayan asuba. Ya karanta, bai amsa ba tukuna, hoton kuma yana nan.