KEBBI ta koma JCCFL, ZURU fa?

Ɗan Bayan Kara: Salamu alaikum 'yan uwa. Sati biyu ya rage mini in shiga jarrabawar ɗaukar aiki, karo na uku ke nan, kuma kuɗin fom ɗin ma kawuna ne ya sayar da buhun shinkafa ya ba ni. Da rana ina shagon yayana, sai bayan isha'i nake karatu. Ga wadda ta hana ni barci: idan an rubuta KEBBI da JCCFL, yaya za a rubuta ZURU? Na zaɓi YSOQ aka ce na faɗi. Ina kuskuren?

Ɗan Jega: Ƙanena, wanga mai sauƙi ne. Juya haruffan aka yi, A ta zama Z, B ta zama Y. Haddace wannan kawai, duk haka suke kawowa.

Malam na Argungu: Ɗan Jega, akwai irin wannan, amma ba ita ce nan ba. A can lambar harafi da ta kishiyarsa 27 suke bayarwa. K ita ce ta 11, da sai ta koma ta 16, wato P. Mu kuwa J muka gani.

Kai kuma mai tambaya, na san hanyar da ka bi. K zuwa J baya ɗaya, E zuwa C baya biyu, sai ka ce ka kama, ka tafi. Da ka gwada na uku, baya uku daga B zai kai ka Y, alhali C ce a wurin. Nan ya kamata ka ja birki.

Dubi tagwayen haruffa. BB suna gurbi na uku da na huɗu, CC kuwa na biyu da na uku. Tagwaye ba sa tashi daga mazauninsu sai in an sauya jerin haruffan, a nan an karanto kalmar ne daga ƙarshe:

```
KEBBI > IBBEK > JCCFL
ZURU  > URUZ  > VSVA
```

An juya, sannan kowane harafi ya matsa gaba ɗaya tak. Z ba ta da na gaba, sai ta zagayo A.

Ɗan Bayan Kara: Malam na gode, amma YSOQ tana cikin zaɓin da suka bayar fa. In ba daidai ba ce me ya kai ta can? Kuma ni lokaci nake tattali, ba zan iya gwada kowane harafi ba.

Malam na Argungu: Don irinka aka sa ta. Mai shirya tambaya ya san inda mai gaggawa zai zame, can yake kafa tarkonsa. Haruffa biyar ne, gwada su duka bai kai shan kofin shayi ba.

Maman Ikilima: Ku dai kuna ta lissafi. Ni shekaran jiya waccan na ci komai, kwamfuta ta mutu saura minti goma, ba wanda ya saurare ni. Wanda ke da hanya shi ake ɗauka.

Talban Yauri: Malam, ni VSVA ɗin ce ta ɗaure mini kai. Ba W ke bin U ba?

Malam na Argungu: A abacadar Hausa ka ƙirga, Talba, inda babu V. Su da ta Turanci suke aiki, haruffa 26, da Q da V da X a ciki, ba ɓ ba ɗ ba ƙ. Riƙe EJOTY: 5, 10, 15, 20, 25. T ce ta 20, ka ga U 21, V 22.

'Yar Zuru: Malam a yi mini afuwa, dabarar tagwayen nan ba kullum take ci ba. In matsawar tana ƙaruwa, ɗaya, biyu, uku, KEBBI za ta zama LGEFN, tagwayen sun watse. Ni abacada nake rubutawa a takarda da lambobi a ƙasa kafin in taɓa tambayar farko.

Malam na Argungu: Watsewar ma labari ce, ta gaya miki matsawar ba iri ɗaya ba ce. Batun takarda kuwa ban yarda ba, in aka hana shiga da ita fa? A ka ya kamata ta zauna.

'Yar Zuru: Mu an ba mu.

Ɗan Bayan Kara: Ni haddar lambobi ba ta zama mini, da yatsu nake ƙirgawa kuma yana yi mini aiki. Wadda ake sa alamomi irin # da @ a madadin haruffa fa? Can ba abin da za a ƙirga.

Ɗan Jega: Wannan ai canki-canka ce, zaɓi C ka wuce.

Maman Ikilima: Wai nawa kuka sayi fom ɗin bana?