Waya ɗaya, amsa biyu: SI ko tsarin Gauss ne ya yi ƙarya?

Sadiya: Jama'a ku taimaka. Doguwar waya ce ɗauke da amfiya 10, ana neman filin maganaɗisu, wato B, a nisan santimita 5. Da lissafin tsarin awo na SI, `B = μ₀I/(2πr)`, na samu 4×10⁻⁵ tesla. Da na Gauss, `B = 2I/(cr)`, sai ga 1.3×10⁻⁶. Ni dai na ce ɗaya daga cikinsu kuskuren bugu ne.

Auwal: Babu wani kuskuren bugu. Sauya awo ne kawai, kamar mita da santimita. Mayar da c ɗinki, wato saurin haske, santimita 3×10¹⁰ a daƙiƙa, r kuma santimita 5, shi ke nan.

Sadiya: Na yi. Abin ma sai ya ƙara lalacewa, 1.3×10⁻¹⁰.

Malam Habu: Auwal ya gyara biyu ya bar na uku, wanda shi ne babba. Tsarin Gauss bai san amfiya ba. Amfiya 10 a can kusan 3×10¹⁰ ne na awonsu, `statA`. Sa shi ki gani: 2 sau 3×10¹⁰ a sama, 3×10¹⁰ sau 5 a ƙasa, saura 2/5, wato gaus 0.4. Gaus ɗaya kuwa yana daidai da 10⁻⁴ tesla, kin dawo kan 4×10⁻⁵ ɗinki ke nan. In kika ga amsa ta kauce da kusan 3×10⁹, fara tuhumar caji ko I.

Auwal: To ai maganata ce, Malam. Awo ne.

Malam Habu: A'a. Da awo ne kaɗai, da siffar lissafin ba ta canza ba. Me ya sa ɗaya ke cewa `∇×B = μ₀J`, ɗayan `∇×B = (4π/c)J`? Domin cajin kansa ba ma'anarsa ɗaya ba: `q_G = q_SI/√(4πε₀)`. Haka B: `B_G = √(4π/μ₀) B_SI`. Zuba waɗannan cikin `2I/(cr)`, ka tuna `c = 1/√(μ₀ε₀)`, za ka ga μ₀I/(2πr) ya fito da kansa.

Nura: Ni dabarata mai sauƙi ce, duk inda na ga 4πε₀ sai in mayar da shi 1. Ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sadiya: Yaya Nura, ina ε₀ a lissafin wayata?

Malam Habu: Nura, dabarar ta yi maka aiki ne don ba ka wuce dokar Coulomb ba. Da maganaɗisu ya shigo, sai c ta ɓullo: `F = q(E + v×B/c)`. A tsarin Gauss E, wato filin lantarki, da B awonsu iri ɗaya ne, a SI kuwa ba haka ba.

Auwal: To in haka ne, Malam, kai ma ba ka da ikon cewa tesla ɗaya gaus 10,000 ne, tunda ka ce ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Malam Habu: Shi ya sa na ce "yana daidai da", ban sa alamar = ba.

Auwal: Amma kowane teburi da alamar yake rubuta shi, kuma amsa na fitowa. Ban gamsu ba tukuna.