Neman shawara: laƙaban da zan kira manyan baƙi da su a walimar sauka a Aboabo

Tambaya:

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Makarantar Islamiyyarmu da ke Aboabo a Kumasi za ta yi walimar saukar Alƙur'ani, kuma an ɗora mini gabatar da manyan baƙi da Hausa. Za a sami wakili daga fadar Sarkin Zango, da wani basaraken Asante, da limamin unguwa, da ɗan majalisa, da shugaban ƙaramar hukuma, da Magajiya. Wa zan ce wa Mai Martaba, wa zan ce wa Mai Girma, kuma da wa zan fara?

Amsar wani dattijo daga Yalwa, wanda ya daɗe yana gabatarwa a taruka:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara riƙe wannan da kyau: laƙabin girmamawa na kujera ne, ba na duk wanda aka aiko ya zauna a kanta ba. Wakilin fada shi ne wurin da masu gabatarwa suka fi yin tuntuɓe, domin suna ganin rawani da 'yan rakiya sai su ce masa Mai Martaba, alhali shi kansa ba zai yarda maganar ta koma fada a haka ba. Abin da za ka yi shi ne ka ambaci sarkin da cikakken laƙabinsa kamar yana wurin, sannan ka kawo wakilin da nasa matsayin. Za ka ce: "Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi, Allah ya ja zamaninsa, wanda Alhaji wane ya wakilta." Idan wakilin yana da sarautar kansa, misali Waziri ko Galadima, sai ka sa ta gaban sunansa, ka ce "wanda Mai Girma Waziri, Alhaji wane, ya wakilta." Jerin kalmomin ba ya sauyawa: laƙabin girma, sai sarauta ko muƙami, sai Alhaji ko Malam, suna kuma a ƙarshe.

Basaraken Asante kada ka mayar masa da laƙabinsa Hausa. Nana ake ce masa, kuma Nana za ka ce ko da duk sauran maganarka Hausa ce: "Nana wane, sarkin wuri kaza." Idan sun zo su da yawa, Nananom ya tattara su. Otumfuo kuwa a ƙasar Asante na Asantehene ne shi kaɗai, wato Otumfuo Osei Tutu na Biyu da ke kan karaga a Manhyia tun 1999, saboda haka ko da wasa kada kalmar ta fito a kan wani. Kafin a zauna, ka nemi mai magana da yawun Nana, ka sa shi ya faɗa maka sunan sarautar da bakinsa, ka maimaita har ya gyaɗa kai, domin sunan da basarake ya karɓa a kan kujera ba lallai ne ya zama wanda aka san shi da shi a da ba.

Game da wanda za ka fara da shi, ni a taron zango na Kumasi da Nana nake farawa, domin ƙasar tasu ce, sannan fadar Sarkin Zango, sannan liman, sannan jami'an gwamnati, sannan Magajiya da iyayen yara. Amma ka kai jerin ga shugaban makarantar ya duba tun ana jibi taron, kuma ka bar sarari a takardar, tunda akwai wanda zai iso ana tsakiyar karatu.

Amsar wani ɗan kasuwa da ya yi zama a Kano:

Baba, ina neman afuwa, amma a iya abin da na gani a Najeriya, Mai Martaba na sarakuna ne irin na Kano da Zazzau da Katsina, Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne a Sakkwato, hakimai kuwa Mai Girma ake ce musu. Ina ganin Sarkin Zango ya fi kusa da hakimi, don haka Mai Girma ya ishe shi.

Dattijon ya mayar masa:

Rabon da ka faɗa na can daidai ne, Alhaji, sai dai hakimi yana ƙarƙashin wani sarkin Hausa ne wanda ya naɗa shi, kuma wannan tsanin babu shi a Kumasi. Mutanen zango ba su da wani sarki nasu a garin nan da ya wuce shi. Idan yaron nan ya rage laƙabin a gaban 'yan fada, za a ji shi a matsayin ragi, ba a matsayin bin ƙa'idar Kano ba. Inda maganarka za ta yi amfani shi ne kan sarakunan ƙabilu, irin Sarkin Mosi da Sarkin Fulani da Sarkin Zabarmawa, idan sun halarta tare da fadar: ni Mai Girma nake ce musu don bambancin ya fito, ko da yake na san wasu fadawansu ba sa jin daɗin hakan.

Amsar wata malamar Islamiyya daga Asawase:

Ni ban gamsu da sa liman a na uku ba. Taron Alƙur'ani ne, shi zai buɗe da addu'a, kuma a zaurenmu da malamai muke farawa. Ko ma a ina aka sa shi, ƙanena, ka lura da abin da ke biye da sunansa: malami "Allah ya gafarta Malam" ake ce masa, ba "ranka ya daɗe" ba, kuma ranka ya daɗe ɗin ma sai ka juya kana magana da basarake kai tsaye, ba lokacin da kake sanar da jama'a ko shi wane ne ba. Kada ka ce Alaramma ko Gwani sai ga mahaddacin da aka san shi da hakan, domin a walimar sauka akwai masu su na gaskiya a zaune suna ji. Magajiya kuma ka ce "Uwarmu Magajiya, Hajiya wance," amma ka tambayi matan da ke gefenta ko ta sauke farali. A wani taron mata da na halarta an kira wata dattijuwa Hajiya ba ta je Makka ba, ta ɗaga hannu ta gyara a gaban kowa, mai gabatarwar kuma ba ta sake samun natsuwa ba har aka tashi.

Amsar wani matashi daga Nima, Accra:

Mu a nan daga dama ake farawa a tafi hagu, kowa ya samu nasa ba tare da rigima ba. Kuma a wajenmu Nii ake ce wa sarakunan Ga.

Malamar ta ce masa:

Wannan ƙa'idar musafaha ce, ɗana, lokacin da mutum yake bin layi yana gaisawa hannu da hannu. Kiran sunaye a lasifika da matsayi yake tafiya, ba da wurin zama ba.

Amsar wani ma'aikacin ƙaramar hukuma:

Jami'an gwamnati biyun duka Onarabul ake ce musu a Ghana, kuma da Hausa Mai Girma ya dace da su, amma dole ka faɗi muƙamin a fili, domin wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma shi ma Onarabul ake kiransa. Ka ce "Mai Girma ɗan majalisar dokoki ta ƙasa mai wakiltar mazaɓa kaza," sannan "Mai Girma shugaban ƙaramar hukuma kaza." Kada ka ambaci jam'iyyar kowa. Wanda ya sauka daga kujera, ka sa masa "tsohon" a gaban muƙamin, musamman idan mai ci yana wurin. Wanda zai riga wani a tsakaninsu shi ne abin da ban taɓa ganin an daidaita a kai ba: ɗan majalisa jama'a ne suka zaɓe shi, shugaban ƙaramar hukuma kuwa shugaban ƙasa ne ya gabatar da sunansa, majalisar ƙaramar hukumar ta amince, don haka yana ganin shi ne gwamnati a yankin. Ka kira masu taimaka musu duka biyun kafin ranar, ka karanta musu jerin yadda yake.

Mai tambaya ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Na rubuta na wakilin fada da na Nana yadda Baba ya tsara, kuma gobe bayan la'asar zan je wurin shugaban makarantar da maganar liman, shi ya yanke. Baba, idan mataimakan nan biyu kowa ya ce ubangidansa ne a gaba, zan iya kiransu a jumla ɗaya in ce "Masu Girma," ko hakan ma za a ƙirga wanda sunansa ya fara fita?