WebSocket ɗina na mutuwa shiru, ku mi kunka yi?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Na haɗa ma wani mai shago a Tsohuwar Kasuwa manhaja, in oda ta shigo sanarwa ta faɗo mai a burawza nan take. A kwamfutata lafiya lau, amma tunda na ɗora a saba bayan nginx, in anka yi minti ɗaya ba saƙo sai layin ya tsinke da `1006`, jiya oda ukku sunka wuce bai gani ba har ya kira ni yana faɗa.

Na Arkilla: Wa alaikumus salam. Minti ɗayan nan ba sabis ba ne, `proxy_read_timeout` ne, asalinshi daƙiƙa 60, in saba ba ta turo komi ba nginx ya yanke. Ni dai na ƙara shi, na sa a sake buɗewa cikin `onclose`, shi ke nan.

Hajiya mai kod: Ɗan'uwa ka gano rabi. Ni wanda ya wahal da ni shi ne in anka ɗauke wuta rawuta ta mutu, ko waya ta bar wayifai ta koma data. Ba wanda ya aiko da sallama, don haka `onclose` bai tashi da wuri, `readyState` na nuna 1 alhali layin gawa ne. Kuma JavaScript na burawza bai iya tura ping na asali, dole ka ƙirƙiri naka. Saba ta na turo ɗan saƙo duk daƙiƙa 25, wanga ma ya kashe matsalar 60 ɗin, in burawza ta yi 35 ba ta ji komi ba sai in yar da layin in buɗe sabo, ban jiran `onclose` don shi ma yana iya jinkiri. Jiran kafin sake buɗewa kuma kada ya zama iri ɗaya, `n` shi ne sau nawa anka gwada:

```js
const jira = Math.random() * Math.min(30000, 1000 * 2 ** n);
```

Ranar da na sake tada saba ba wagga dabarar, duk wayoyin sunka dawo lokaci guda ta sake durƙushewa wallahi.

Ɗalibi daga Runjin Sambo: Anti ni nawa in mutum ya rufe burawza gaba ɗaya sanarwa ba ta zuwa, wanga zai gyara?

Hajiya mai kod: A'a ƙanena, shafi ya rufe layi ya tafi, Web Push kake nema.

Ɗan Mabera: Na gode Hajiya. To odojin da sunka shigo lokacin da layin ke mace fa?

Hajiya mai kod: Ka ba kowace sanarwa lamba, ka adana ta a databes kafin ka tura. In an dawo burawza ta ce ta tsaya a 412, saba ta turo 413 zuwa sama, wadda ta zo sau biyu a watsar.

Na Arkilla: Shago ɗaya fa Hajiya, ni da an dawo sai in jawo jerin odoji duka da `fetch`, ba ruwana da lamba.

Hajiya mai kod: Zai yi, amma ta ya za ka san wacce za ka kaɗa ma ƙararrawa?