Kallo dubu goma, ciniki nawa?

Matasa masu sayar da atamfa a Garwa sun zauna kan batun tallan bidiyo na kuɗi, ga abin da aka tsayar.

Da farko a san me dandalin ke kira kallo. A Facebook, daƙiƙa 3 ma kallo ne, amma irin kallon da suke kira ThruPlay sai an kai daƙiƙa 15, ko bidiyon ya ƙare in bai kai haka ba. A YouTube, tallan da ake iya tsallakewa sai an kalle shi daƙiƙa 30, ko ya ƙare in bai kai haka ba, ko an latsa shi. Wata 'yar kasuwa ta ce kallon daƙiƙa 3 ai wucewa ce kawai, kamar mai leƙa shago daga kan babur.

Aka buga misali. Ka kashe sefa 20,000, tallan ya bayyana sau 40,000, aka kalla sau 10,000. Raba kallo da bayyana, kashi 25 cikin ɗari ke nan. Raba kuɗi da kallo, kowane kallo ya tashi sefa 2.

Araha ce, amma nan aka fi jan muhawara. In mutum 50 suka yi magana a WhatsApp, 8 suka saya, kowane ciniki ya ci sefa 2,500. Ribar turmi in 2,000 ce, an yi asarar 4,000 duk da yawan kallon, sai fa in masu sayen za su dawo.

Wani dattijo ya ƙara da cewa a duba inda masu kallon suke. Kallo mai arha daga Yawunde ba ya amfanar wanda ba ya aika kaya can.