Ba ta da ƙiba amma hawan jini ya ƙi sauka

Assalamu alaikum, likitoci. Mace 'yar shekara 30, nauyinta kilo 52, ba ta da juna biyu, amma awon jininta na gida safe da yamma ba ya sauka ƙasa da 160/100. Wata uku ke nan tana shan amlodifin miligiram 10, gishiri da dunƙule ma ta rage.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne sinadarin fotasiyam a jininta ya fito 3.1, alhali ƙasa da 3.5 ya yi kaɗan, kuma ba ta shan maganin sa fitsari. Shin wannan bai nuna yawan aldosteron daga ƙullin da ke saman ƙoda ba? In za a auna aldosteron da renin, sai an fara gyara fotasiyam ɗin, tunda ƙarancinsa kan ɓoye sakamakon?

Kiriyatinin lafiya lau, fitsari babu furotin. Duk da haka, ya kamata a ɗauki hoton jijiyoyin ƙoda, ganin wani nau'in ƙuntatarsu kan kama mata matasa? Kuma ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin da take sha, a dakatar da ita kafin gwajin ko bayansa?